Sauya bashi zuwa mai ƙaramin ruwa: a wane wata kwalliya ke biyan kuɗin sabulu?

Mutum yana biyan bashi wata-wata, sai wani bankin ya ce masa ya dawo wurinsa, za a biya masa tsohon bashin a buɗe masa sabo da ruwa ƙasa da wanda yake biya. Sharaɗin shi ne ya ajiye kuɗin sauyi tun farko. Kuɗin sauyin yau za su fita daga aljihu a dunƙule, sauƙin ruwan kuwa ɗigo-ɗigo zai riƙa zuwa. Akwai watan da ɗigon nan zai taru ya kai adadin abin da aka kashe, a yi canjaras, ba riba ba faɗuwa. Wanda ya rabu da bashin kafin wannan wata ya yi asara, wanda ya wuce shi ya fara cin moriya. Gano watan shi ne aikin, kuma hanyar da akasarin mutane ke bi su gano shi tana da aibi.

Hanyar da aka saba ita ce a ɗauki kuɗin sauyi a raba da ragin da aka samu a biyan wata. Lissafi ne da ake yi a tsaye, a bayan ambulan. Bari mu ɗora shi a kan misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa musu sunan kuɗin da yake amfani da su.

Ana bin mutum ragowar bashi 2,000,000, ruwa kashi 12 cikin ɗari a shekara, saura wata 60 ya gama. Irin bashin nan ne da ake biyan adadi ɗaya kowane wata, ana lissafa ruwa a kan abin da ya rage. Biyansa na wata 44,489 ne. Sabon banki ya ce kashi 9, shi ma wata 60, amma kuɗin sauyi 60,000. A kan kashi 9 biyan wata zai koma 41,517, wato ragin 2,972. Idan aka raba 60,000 da 2,972 za a sami 20 da ɗoriya, saboda haka lissafin bayan ambulan ya ce sai wata na 21 mutum zai mayar da kuɗinsa.

Amsar nan ba ƙarya ba ce, amma aljihu kaɗai ta duba. Ta manta da abin da ake bin mutum.

Ka nemi takardar jadawalin biya, wadda ke nuna yadda ake raba kuɗin kowane wata, ka dubi layin farko. A tsohon bashi, kashi 12 a shekara kashi 1 ne a wata, don haka ruwan watan farko 20,000 ne. Daga cikin 44,489 da mutum ya biya, 24,489 kaɗai suka taɓa uwar kuɗi. A sabon bashi ruwan watan farko 15,000 ne, kuma daga cikin 41,517 ɗin, 26,517 ne suka tafi ga uwar kuɗi. To ka ga ruwan da aka kauce wa a wannan wata 5,000 ne cif, ba 2,972 ba. Ina sauran 2,028? Ba su ɓata ba. Sun shiga rage bashin ne. Mutum ya biya kuɗi kaɗan, kuma duk da haka bashinsa ya fi saurin sauka. Ba zai ji wannan a aljihu ba a watan, amma nasa ne, kuma ranar da ya je rufe bashin zai gan shi a rubuce.

Saboda haka ma'aunin gaskiya shi ne ruwan da aka kauce wa, ana tara shi wata bayan wata har ya kai kuɗin sauyi. Wata hanyar faɗin abu ɗaya: a kowane wata ka haɗa abin da ka riga ka biya da abin da har yanzu ake bin ka, ka yi wannan ga bashin biyu, ka kwatanta. A misalinmu, bayan wata 12 ragin biyan wata ya taru ya kai kusan 35,700. Ragowar tsohon bashi a lokacin da zai kasance kusan 1,689,400, na sabo kuwa 1,668,300, bambancin kusan 21,100. Haɗa biyun, 56,700 da 'yan kai. Saura ƙiris. Wata na 13 ya ƙara kusan 4,400, jimla ta haura 61,000. Canjaras na gaskiya a wata na 13 yake, wata takwas kafin abin da lissafin bayan ambulan ya nuna.

Wani zai ce wannan ai ƙwanƙwance ce ta masu lissafi. Ba haka ba ne, domin tambayar canjaras ba ta da amfani sai ga wanda zai iya barin bashin kafin wa'adi. Wanda zai zauna da shi har wata na 60 ba ya bukatar sanin watan canjaras, jimla kawai zai duba: ragin 2,972 sau 60 ya kai kusan 178,300, a cire 60,000, ya tsira da kusan 118,300. Mai bukatar sanin watan shi ne wanda ke tunanin sayar da gidan ko motar da aka ci bashin dominta nan da shekara ɗaya da rabi, ko yana jiran wasu kuɗi da zai rufe bashin da su gaba ɗaya. Shi kuwa ranar da zai fita, ragowar bashin ce za a ce ya biya. Idan zai fita a wata na 18, lissafin bayan ambulan zai ce masa kada ya sauya, alhali da ya sauya da ya fita da riba.

A nan kuskuren hanyar gajeriya ya faɗa ɓangaren taka-tsantsan, ba ta cuci kowa sosai ba. Inda take cutarwa shi ne idan wa'adin bashin ya canja, kuma a ganina nan ne ya kamata mutum ya fi buɗe ido, don tayin da aka fi ƙawatawa ke nan.

A ce ma'aikacin sabon bankin ya juyo da allon kwamfutarsa ya ce: “Ranka ya daɗe, me zai sa ka takura kanka? Mu mayar da shi wata 84, biyanka ya sauko 32,178.” Daga 44,489 zuwa 32,178 ragin 12,311 ne kowane wata. Raba 60,000 da wannan, bai kai biyar ba. Wata biyar kacal ka mayar da kuɗinka, in ji lissafin. Wa zai ƙi?

Sai dai ruwan watan farko bai canja ba, 15,000 ne ko wa'adin 60 ne ko 84, domin uwar kuɗin ɗaya ce, kashin ma ɗaya ne. Sauƙin gaskiya na watan har yanzu 5,000 ne. Sauran 7,311 da suka rage a aljihu uwar kuɗi ce da ba a biya ba, an tura ta gaba, kuma za ta ci gaba da jan ruwa. Lissafin bayan ambulan ya ɗauki jinkirin biya ya ƙirga shi a matsayin riba.

Idan aka bi ruwan da aka kauce wa a wannan tayi, labarin yana da hawa da gangara. Da farko sabon bashin yana gaba, kuma a wata na 15 ruwan da aka kauce wa ya rufe 60,000 ɗin. Ribar tana ci gaba da hawa amma ƙarfinta na raguwa, saboda tsohon bashin da yana sauka da gudu shi kuwa sabon yana tafiyar hawainiya. Daga wata na 36 abin ya juye: ruwan da mutum ke biya a wata a kan kashi 9 ya fi wanda da zai biya a kan kashi 12, don ragowar da ake ɗora kashi 9 ɗin a kanta ta fi girma nesa ba kusa ba. A lokacin ribar da ta taru ba ta wuce 35,000 da ɗan abin da ba a rasa ba, daga nan kuma sai zaizayewa. A wata na 55 ta ƙare, an koma asara. A wata na 60, ranar da da mutum ya yi sallama da bashi, har yanzu ana bin sa kusan 704,000. Idan ya kai wata na 84, ruwan da ya biya kusan 703,000 ne, da kuɗin sauyi 763,000, alhali tsohon bashin mai “tsada” ruwansa duka 669,300 ne. Ya ƙara kusan 94,000 a kan abin da ya gudu dominsa.

Wato wannan tayin canjaras biyu gare shi, ɗaya na shiga riba, ɗaya na fita daga cikinta. Lissafin raba kuɗin sauyi da ragin wata ba zai taɓa nuna na biyun ba.

Ban ce tsawaita wa'adi laifi ba ne. Wanda biyan 44,489 ke shaƙe masa wuya, har yana tsoron ya gaza biya a ci shi tara ko a ƙwace jingina, sauƙin 12,311 a wata abu ne mai daraja a wurinsa, kuma yana iya yanke shawarar sayen wannan numfashin. Haka wanda ke da sana'ar da kuɗin za su haifar masa da abin da ya fi kashi 9. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa mutum numfashi da sunan rangwame. Ya san cewa saye yake yi, ya san farashin. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: ka ce a buga maka biyan wata na sabon ruwan a kan watannin da suka rage maka a tsohon bashin, ba ƙari ko ɗaya. Bambancin da ya fito shi ne aikin saukar ruwa. Duk abin da ya ƙaru bayan an tsawaita wa'adi, jinkiri ne.

Akwai ma dabarar da ta fi duka idan yarjejeniyar ta yarda a biya fiye da ƙa'ida ba tare da tara ba. Mutum ya karɓi kashi 9 ɗin, amma ya ci gaba da biyan 44,489 da ya saba. Bashin zai ƙare cikin wata 55 da ɗan guntun biya a na gaba, kusan wata biyar kafin lokacinsa.

Yanzu mu koma kan kuɗin sauyin kansa, wanda muka ɗauka 60,000 ne kamar abu ne bayyananne. Da wuya ya zo a layi ɗaya. Sabon banki yana da kuɗin buɗe bashi, kuma idan akwai jingina za a iya neman kuɗin kimanta kadara, da na lauya, da na rajistar jinginar, wani lokaci da inshorar da sai an saya kafin a ba da bashin. Sannan akwai wanda aka fi mantawa, domin ba a takardar sabon banki yake ba: tarar da tsohon banki zai iya ci idan aka biya shi kafin wa'adi. Ba kowane bashi ke da ita ba, a wasu ƙasashen ma doka ta taƙaita ta, amma inda take tana cikin tsohuwar yarjejeniya, wadda mai yiwuwa tun ranar sa hannu ba a sake buɗe ta ba. A misalinmu, idan tarar kashi 2 ce na ragowar bashi, 40,000 ke nan, kuɗin sauyi sun zama 100,000. Canjaras ya tashi daga wata na 13 ya koma na 23. Ka lura kuɗin bai ninka ba amma watannin sun kusa ninkawa. Dalili shi ne ɗigon yana ƙanƙancewa: 5,000 a watan farko, kusan 4,400 a na 13, kusan 3,700 a na 23. Duk ƙarin da aka yi wa kuɗin sauyi, da ɗigo mafi ƙanƙanta za a biya shi. Abin da zai raba gardama shi ne a nemi tsohon banki ya rubuta adadin da za a biya a rufe bashin a rana kaza, komai da komai a ciki. Wannan adadin ake aiki da shi, ba ragowar da ke kan takardar wata ba.

Wani lokaci kuma a ce maka ba sai ka kawo ko kwabo ba, za a ɗora kuɗin sauyin a kan bashin. Lissafin bayan ambulan a nan rikicewa yake yi gaba ɗaya, don abin da za a raba ya zama sifili, sai a ga kamar riba ta fara tun ranar farko. Gaskiyar ita ce bashin ya zama 2,060,000, biyan wata 42,762. Wanda ya fita bayan wata uku zai tarar ana bin sa fiye da yadda da za a bi shi a tsohon wuri. Kuma 60,000 ɗin yanzu suna jan nasu ruwan, kusan 14,700 a tsawon wata 60. Canjaras ya matsa zuwa wata na 15. Ba mummunan ciniki ba ne ga wanda ba shi da kuɗin a hannu, amma ba kyauta ba ce.

Ko wanda ya biya daga aljihu ma akwai ɗan abin da ya rasa. Da bai sauya ba, da zai iya zuba 60,000 ɗin a tsohon bashin su kashe masa ruwan 600 a watan farko. Idan aka sa wannan a ma'auni, watan canjaras yana matsawa daga 13 zuwa 15. A bashi mai gajeren canjaras irin wannan bambancin bai taka kara ya karya ba. Idan canjaras ɗin shekara huɗu ne ko biyar, ko kuma ruwa yana da yawa ƙwarai, to ya cancanci a lissafa shi.

Ana yawan jin ƙa'idar cewa idan ruwa ya sauka da maki ɗaya ko biyu a sauya. Ban yarda da ita ba, domin ba ta tambayi saura wata nawa ba. Riƙe komai na misalinmu yadda yake, 2,000,000, daga kashi 12 zuwa 9, kuɗin sauyi 60,000, ka canja abu ɗaya: saura wata 12 maimakon 60. Ruwan da ya rage a tsohon bashin duka kusan 132,400 ne, a sabon 98,800. Iyakar abin da za a iya kauce wa 33,500 ne da 'yan kai. Ba zai taɓa kai 60,000 ba, babu watan canjaras ko kaɗan. Idan saura wata 24 ne, abin da za a kauce wa kusan 66,700 ne, wato bayan duk zirga-zirga da cike takardu mutum ya tsira da abin da bai kai 7,000 ba. Maki uku ne a duka ukun. Ruwa a farkon bashi yake da kauri, idan aka doshi ƙarshe yawancin biyan wata uwar kuɗi ce, kuma saukar ruwa ba ta rage uwar kuɗi.

Duk wannan ya ginu ne a kan cewa kashi 12 da kashi 9 iri ɗaya ake auna su. Wannan ma sai an tabbatar. Akwai masu ba da bashi da ke lissafa ruwa a kan cikakken adadin farko har ƙarshen wa'adi, ba a kan ragowa ba. Idan irinsu ya ce maka kashi 7, a kan 2,000,000 shekara biyar ruwan 140,000 ne sau biyar, 700,000. Ya zarce 669,300 na tsohon bashin mai kashi 12. Biyan wata zai zama 45,000, ya fi 44,489. Alamar gane shi ke nan: an ce ruwa ya sauka sosai, wa'adi bai canja ba, amma biyan wata ya ƙi sauka. A jadawalinsa kuma sau da yawa za ka ga ruwan kowane wata adadi ɗaya ne daga sama har ƙasa, alhali a bashin da ake lissafawa kan ragowa layin ruwan raguwa yake yi kowane wata.

Haka nan idan kashi 9 ɗin na wani ɗan lokaci ne, a ce wata 12 na farko, daga nan ya bi kasuwa. Canjaras ɗinmu a wata na 13 yake, wato garantin zai ƙare wata ɗaya kafin mutum ya mayar da kuɗinsa. Daga nan abin da zai faru ya dogara da inda ruwa ya nufa. A irin wannan tayin, abin dubawa shi ne ko canjaras ya faɗo cikin lokacin da aka kulle ruwan, da kuma tazarar da ya bari.

Wanda ke da manhajar lissafi irin Excel ba sai ya bi layi-layi da hannu ba. Layi na farko a nan yana ba da biyan wata, biyun da ke biye suna ba da jimlar ruwan da aka biya daga wata na 1 zuwa na 13 a kowane bashi:

```
=PMT(0.12/12,60,-2000000)
=CUMIPMT(0.12/12,60,2000000,1,13,0)
=CUMIPMT(0.09/12,60,2000000,1,13,0)
```

Amsar `CUMIPMT` da alamar ragi take fitowa, kada wannan ya dame ka, tazarar da ke tsakanin biyun ake nema. Ka riƙa canja 13 ɗin har tazarar ta haura kuɗin sauyi. Idan sabon bashin ya fi tsohon tsawo, ka sa yawan watanninsa a madadin 60 ɗin da ke layi na uku, kuma kada ka tsaya a haurawar farko, ka ci gaba da matsar da watan har ƙarshe don ka ga ko tazarar za ta sake faɗowa. Idan ka wuce wa'adin tsohon bashin, ka bar nasa a kan watansa na ƙarshe, domin manhajar za ta nuna kuskure idan aka nemi ruwan watan da babu shi.

Da watan canjaras a hannu, saura a ajiye shi kusa da wani adadin da babu manhajar da za ta bayar: wata nawa mutum yake ganin zai ci gaba da riƙe bashin. Shi ya san ko akwai maganar canjin wurin aiki da za ta sa ya sayar da gidan, ko motar ta fara tsufa, ko yana sa ran ruwa zai ƙara sauka har ya so sake sauyawa, wanda zai sa ya biya wani kuɗin sauyin tun bai gama mayar da na farko ba. Mutumin misalinmu, idan ya tabbata zai kai shekara uku da bashin, canjaras na wata 13 ya bar masa fili mai faɗi, ko da tarar 40,000 ta tura shi zuwa 23. Idan kuwa yana jin ƙishin-ƙishin zai sayar a cikin shekara guda, a wata na 12 abin da ya tara 56,700 ne a kan 60,000 da ya kashe, kuma wannan idan tsohon bankin bai ci shi tara ba ke nan.